Yadda ake daidaita farantin firintar 3D: yaushe takarda ta isa, yaushe kuma sai an sa sensa

Masu firintar 3D a nan Katsina ba mu da yawa, amma kusan duk wanda ya fara sai ya ci karo da matsala ɗaya, shimfiɗar farko ta ƙi kama faranti, ko ta kama a gefe ɗaya ta tashi a wani gefen, daga nan sai wani ya ce mashi ai sensa za ka saya ka huta da wahalar gwada tazara da takarda. To ni dai ra'ayina wannan shawara rabinta gaskiya ce, don takarda da sensa ba ciwo ɗaya suke magani ba. Faranti yana iya karkacewa, wato shi a miƙe yake sumul amma gefe ɗaya ya fi ɗaya tashi, wannan aikin takarda ne da notunan da ke ƙarƙashi. Yana kuma iya lanƙwasa, ya yi kwari ko tudu a tsakiya, wannan kuwa ko kwana za ka yi kana murɗa noti ba zai gyaru ba, nan ne mesh, wato taswirar tsayin faranti da sensa ke aunawa, yake da amfani. Kamar tebur ne, in ƙafa ɗaya ce ta gajarta sai ka sa mata abu a ƙasa shi ke nan, amma in katakon saman ne ya lotsa ba abin da za ka cusa ƙarƙashin ƙafa da zai miƙar da shi.

Abin da ya sa ake wannan takatsantsan, kaurin shimfiɗar farko yawanci milimita 0.2 ne a nozul, wato bakin da narkakkiyar roba ke fitowa, mai ramin 0.4. In faranti ya sauka da 0.1 a wani wuri, tazarar ta ƙaru da rabin kaurin ke nan, robar za ta fito ta kwanta a sama ba tare da ta matsu ba. In kuma ya tashi da 0.1, nozul ya kusa toshe kansa. Kuma a sani lebur irin na magina ba shi da aiki a nan, ba ruwan firinta da ko teburinka ya daidaita da ƙasa, abin da ake nema tazarar da ke tsakanin bakin nozul da faranti ta zama ɗaya duk inda kan ya je.

Zan yi maganar ne a kan irin firintar da ta fi yawa a hannun mutane, mai zubin Ender 3, faranti 235 da 235, sifirin 4 da noti 4 masu faɗi a ƙarƙashi.

Kafin ka taɓa noti ko ɗaya

Kama faranti da hannu biyu ka ɗan girgiza shi. In ka ji yana rawa to tsaya, ba daidaitawa yake buƙata ba tukuna. A ƙarƙashi akwai tayoyin roba da ke gudu a kan ƙarfe, a gefe ɗaya akwai noti mai kusurwa 6 wanda raminsa ba a tsakiya yake ba, sa sifana ka juya shi kaɗan kaɗan har rawar ta tafi, amma kar ka matse har faranti ya riƙa tafiya da ƙyar. Haka za ka yi wa kan da ke ɗauke da nozul. Sai ƙarfen da kan yake gudu a kai hagu zuwa dama, a firinta mai sandar Z guda ɗaya, wato sandar da ke ɗaga kan sama da ƙasa, gefen dama yakan ɗan sauka, ka auna da rula daga firam ɗin ƙasa zuwa ƙarfen a hagu da dama ka ga ko sun yi daidai. Mutane da yawa suna tsallake wannan, sai su yi ta mamakin me ya sa jiya sun daidaita yau ya lalace.

Sannan ka wanke faranti. Lokacin hunturu ƙura tana sauka kan komai ko ɗakin a rufe yake, ga kuma maiƙon hannu, faranti mai datti ba ya riƙe roba ko da tazararsa daidai take. Ruwa da sabulun wanke kwano ya isa in irin wanda ake cirewa ne, ko ka goge da sifirit. Da yawa daga abin da ake ɗora wa rashin daidaito a watan Disamba da Janairu ƙura ce kawai.

Aikin takarda mataki mataki

Takardar A4 ta fotokwafi mai nauyin 80 ita ake so, kaurinta wajen milimita 0.1. Kar ka ɗauki takardar rasit ta POS, ta fi siriri kuma zafi yana baƙanta ta, kar kuma ka ɗauki bangon littafi. In kana da fila geji irin wanda makanikai ke saita bawul da shi, ganyen 0.10 ya fi takarda ma don shi ba ya lotsewa.

Fara da dumama injin. Faranti ka kai shi zafin da kake bugawa da shi, in robar PLA ce digiri 60, in PETG ne 70 zuwa 80, ka bar shi ya yi kamar minti 10 a haka. Dalili, alminiyon yana buɗewa in ya ji zafi kuma siffarsa tana ɗan canzawa, wanda ya daidaita da sanyin safiyar hunturu ya zo bugawa a digiri 60 ba faranti ɗaya ya auna ba. Nozul kuma ka kai shi 200 ka zare filamen, wato zaren robar da ake bugawa da shi, ka goge bakin tas, don ɗan guntun roba da ya daskare a baki ya isa ya ɓata maka lissafi gaba ɗaya, za ka ji takarda ta kama alhali robar ce ta kama ba ƙarfen ba. Bayan ka goge ka sauke shi zuwa wajen 150 yadda ba zai riƙa ɗiga ba. A kula da yatsu, yana ƙuna sosai.

Yanzu duba sifirin ɗin nan 4. In sun saki sun miƙe kusan duka, faranti ba zai taɓa zama wuri ɗaya ba, girgizar bugawa kaɗai za ta riƙa kwance notunan. Matse su duka har kowanne ya shiga kamar rabinsa ko fiye kaɗan. Ka riƙe wannan, matse noti yana jawo faranti ƙasa, sassautawa yana tura shi sama, kuma a jikin notunan da yawa an rubuta `UP` da `DN` da kibiya. In bayan ka matse ka ga faranti ya yi wa nozul nisa da yawa, kwance ɗan makunnin Z da ke gefen hagu, wanda ke tsayar da kan in ya sauko, da alanki ka sauke shi kaɗan, kar ka koma ka saki sifirin don ka kamo nozul.

Danna `Auto Home`. Daga nan in allonka yana da `Bed Tramming` ko `Level Corners` yi amfani da shi, shi zai riƙa ɗaga kan ya kai shi kowace kusurwa da kansa. In babu sai ka danna `Disable Steppers` ka tura da hannu, amma a hankali, kuma kar ka jingina hannu a kan ƙarfen da ke ɗauke da kan, don da zarar an saki motoci Z yana iya zamewa ƙasa ba ka sani ba.

Kai nozul daidai saman noti na gaba a hagu, ba can bakin faranti ba, saman notin. Zura takarda tsakaninsu ka riƙa ja da turawa da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana sassauta noti a hankali. Da farko takarda za ta riƙa yawo ba abin da ya taɓa ta, can sai ka fara jin ɗan kartawa kamar ana jan farce a kanta, wani lokaci har ka ji karkarwar fanka ta biyo takardar zuwa yatsunka. Wurin da ake so shi ne tana ja da ɗan nauyi amma in ka tura ta gaba tana shiga ba ta naɗewa. In tana fitowa in ka ja amma ta tattare in ka tura, ka wuce, koma baya kaɗan. Kuma ka ɗauke hannunka daga kan faranti lokacin da kake gwadawa, nauyin tafin hannu kaɗai yana danne sifirin.

Abin da ya kamata kowa ya sani kuma ba a cika faɗa ba, sukurun da ke ƙarƙashin irin wannan faranti M4 ne, zagaye ɗaya cikakke yana motsa faranti milimita 0.7. Ke nan rubu'in zagaye kusan 0.18 ne, ya kusa kaurin shimfiɗar farko gaba ɗayanta. Shi ya sa in ka zo kusa ba murɗawa ake ba, ɗan gusarwa ake kamar haƙori ɗaya ko biyu na jikin notin.

Ka yi haka a kusurwa ta biyu, ta uku, ta huɗu, sannan ka sake zagayowa daga farko, don duk kusurwar da ka taɓa tana motsa sauran, musamman wadda ke kallonta ta gicciye. Zagaye 2 ko 3 yawanci ya isa, alamar ka gama ita ce ka zagaya duka huɗun ba ka taɓa noti ba kuma jan takardar iri ɗaya ne. Ba sai jan naka ya yi daidai da na wani ba, abin nema ya zama ɗaya a ko'ina.

Sai gwajin da zai yanke maka hukunci, kai nozul tsakiyar faranti ka zura takarda. In jan ya yi kama da na kusurwoyi, alhamdulillahi farantinka a miƙe yake, ba ka da buƙatar sensa, riƙe kuɗinka ka sayi filamen. In takarda ɗaya tana yawo sakaka amma in ka ninka ta biyu ta kama, akwai kwarin da ya kai wajen 0.1. In ninki biyun ma yana wucewa, ko kuma takardar ta ƙi shiga sam saboda tudu, to faranti ya lanƙwasa sosai. Kar ka ce za ka ɗaga kusurwoyi duka don tsakiya ta kama, nozul zai riƙa kartar gefe yana ɓata maka shimfiɗar faranti. Za ka iya tabbatarwa da rular ƙarfe, kafa ta a tsaye kan faranti ka haska tocila ta baya ka ga inda haske ke ratsowa.

Takarda kusa take kai ka, bugawa ce ke ƙarasa aikin. Shirya ƙananan murabba'i 5 masu faɗin milimita 20 da kauri 0.2, huɗu a kusurwoyi ɗaya a tsakiya, ka buga ka tsaya kana kallo. In layukan sun fito zagaye kamar zare kana ganin faranti tsakaninsu, kuma in ka ɓare abin ya rarrabu, nozul ya yi nisa. In ya fito siriri har ana hangen ƙasa, saman yana da kaushi da ƙananan kunya, ko motar da ke tura filamen tana ƙas ƙas, ya yi kusa. Mai kyau shi ne layukan sun haɗe sun zama fata ɗaya mai santsi. In duka biyar ɗin suna nuna matsala iri ɗaya kar ka taɓa noti, shiga `Tune` ka nemi `Babystep Z` ka gusa 0.02 ko 0.04 yana cikin bugawa.

Abin da sensa ke yi da wanda ba ya yi

Sensa ba ya motsa faranti ko da ƙanƙani. Abin da yake yi shi ne ya taɓa wurare da yawa, 9 in 3 sau 3 ne, 25 in 5 sau 5 ne, ya rubuta tsayin kowane wuri, wannan taswirar ita ce mesh. Lokacin bugawa sai motar Z ta riƙa ɗaga kan tana saukewa tana bin kwari da tudu. In ka ɗora yatsa a hankali kan sandar Z ana shimfiɗar farko za ka ji tana ɗan juyawa gaba da baya, in kuwa a tsaye take cak to mesh ɗin ba ya aiki.

BLTouch na kamfanin ANTCLABS na Koriya ta Kudu da CR Touch na Creality suna da ɗan tsinke da ke saukowa ya taɓa faranti, don haka suna aiki a kan gilashi da ƙarfe duka. Akwai wanda ba ya taɓawa, ƙarfe kawai yake ji daga nesa, irin PINDA na Prusa MK3, shi ba ya ganin gilashi, kuma ire-irensa karatunsu yana ɗan canzawa da zafi, abin lura ne a garin da safiyar Janairu da ranar Afrilu ba su da alaƙa. A injina kamar Prusa MK4 da na Bambu Lab nozul ɗin da kansa ne ke taɓa faranti, a waɗannan tsaftar bakin nozul ita ce komai. Wasu injinan ma, irin su Prusa MK3 da MK4, ba su da notunan murɗawa sam, mai irin su ba shi da zaɓi, mesh ne kawai.

Wanda ya ɗaura sensa mai tsinke bai rabu da takarda ba, don sensa ya san inda tsinkensa ya taɓa amma bai san inda bakin nozul yake ba, kai ne za ka gaya mashi bambancin, shi ne `Z-offset`. A Marlin, manhajar da ke tafiyar da irin waɗannan injina, bayan ka dumama inji ka goge nozul, haɗa da kwamfuta ta manhajar Pronterface ka tura waɗannan ɗaya bayan ɗaya:

```
M851 Z0
G28
G1 X110 Y110 F3000
M211 S0
G1 Z0 F300
```

Nozul zai tsaya sama da faranti. Sa takarda ka riƙa saukewa 0.1 a kowane danni har ta fara ja, ka karanta lambar Z a allo. A ce ta nuna -1.90, sai ka tura:

```
M851 Z-1.90
M211 S1
M500
```

`M211 S0` yana cire katangar da ke hana inji sauka ƙasa da sifili, don haka kar ka manta ka mayar da ita da `S1`. `M500` kuma shi ke ajiyewa, in ba ka tura shi ba aka ɗauke wuta aikin ya tafi. Lambar in ta ƙara nisa ƙasa da sifili, daga -1.90 zuwa -1.95, nozul ya ƙara kusantar faranti ke nan, mutane suna yawan juya wannan. Duk ranar da ka canza nozul ko ka kwance sensa sai ka sake wannan awon.

Wani aiki da aka kawo mani daga Daura

Wani ɗalibi ne, ƙanin abokina, yana buga maƙalan makulli da ƙananan akwatunan na'urori yana sayarwa. Ƙananan kaya ba su taɓa ba shi matsala ba, sai da aka ba shi aikin murfin akwati mai faɗin milimita 180, gefe ya kama, tsakiya ta riƙa tattarewa tana bin nozul. Ya yi odar sensa, ya jira ya iso, ya ɗaura, matsala tana nan. Ya sa injin a mota ya kawo Katsina ransa a ɓace, ya ce Yaya ni fa ina ganin sensan nan jabu aka ba ni, ina kallo yana taɓa wurare 25 amma ba abin da ya canza.

Abu na farko na buɗe lambobin farawa da ke cikin Cura ɗinsa, manhajar da ke shirya wa firinta aikin bugawa, na ga `G28` kawai, umarnin da ke yin aikin `Auto Home`. Shi yana auna mesh daga allo ya ajiye, amma a Marlin `G28` yana kashe amfani da mesh sai dai in an kunna zaɓin da ke mayar da shi lokacin da aka haɗa manhajar, nasa kuwa ba a kunna ba. Wato duk awon da yake yi yana ajiye ba a taɓa aiki da shi ba. Layi ɗaya muka ƙara a ƙarƙashi, wanda ke kunna mesh ɗin da aka ajiye:

```
G28
M420 S1
```

Daga nan na tura `M48` don in cire mashi zargin jabu, wannan umarni yana sa sensa ya taɓa wuri ɗaya sau 10 ya faɗi yadda karatun ke bambanta, in manhajar injinka tana da shi. Ya ba da `Standard Deviation` ƙasa da 0.01, lafiya lau. A wurina in ya haura 0.02 ko 0.03 sai a duba ko ɗaurin sensa ya saki ko tsinken ya lanƙwashe.

Muka ɗaure tayoyin da tafiyar mota ta sassauta, muka dumama, muka tura `G29` ya auna mesh sannan `M420 V` don ya nuno lambobin. Na tsamo 9 daga ciki na jera su yadda kake kallon faranti, layin sama shi ne baya, don a allo jerin yana iya zuwa a kife:

```
+0.43  +0.18  +0.08
+0.28   0.00  -0.07
+0.28  +0.03  -0.07
```

Na ce mashi ƙanena dubi kusurwoyi 4 kawai tukuna. Hagu ya fi dama tashi da 0.35 a gaba da baya duka, baya kuma ya fi gaba da 0.15. Wannan karkata ce zalla, tun da ya ɗaura sensa ya daina taɓa notuna yana ganin an ɗauke mashi aikin. Muka ɗauki kusurwar gaba ta dama a matsayin ma'auni tunda ita ce mafi ƙasa. Ta baya a hagu ta fi ta da 0.50, ka raba da 0.7 ya ba ka kusan rubu'i uku na zagaye, muka matse haka. Ta gaba a hagu 0.35, rabin zagaye cif. Ta baya a dama 0.15, bai kai rubu'i ba. Da yake wuraren da sensa ke taɓawa ba daidai kan notunan suke ba sai da muka sake awo muka ɗan gusa, sannan muka samu wannan:

```
+0.19  +0.10  +0.17
+0.11   0.00  +0.10
+0.18  +0.09  +0.16
```

Yanzu kusurwoyi sun daidaita, abin da ya rage kwari ne na kusan 0.18 a tsakiya, kusan kaurin shimfiɗar farko. Shi ne dalilin da ƙananan kaya ba su taɓa damunsa ba, maƙalin makulli mai faɗin milimita 40 yana zaune ne cikin kwarin gaba ɗaya, da ya gyara tazara a nan shi ke nan, amma murfi mai 180 ya taka tudu ya taka kwari lokaci ɗaya. Sayen sensan da ya yi daidai ne, wannan kwarin ba notin da zai cire shi. Muka sake `Z-offset` da takarda, muka tura `M500`, murabba'ai biyar suka fito iri ɗaya, murfin ma ya kama daga gefe zuwa gefe.

Wani zai ce tunda mesh yana iya bin karkatar 0.5 ɗin ma, me ya sa za a wahala da noti. E zai bi, shimfiɗar farko za ta kama, amma ƙasan kayanka zai ɗauki siffar farantin. Marlin yana rage gyaran a hankali har ya daina a wani tsayi, ana saita shi da `M420 Z10` wato a milimita 10, ke nan saman kayan zai fito daidai da tafiyar inji amma gindin a karkace, gefe ɗaya ya fi ɗaya kauri da kusan rabin milimita. A abin ado ba wanda zai lura, amma a murfin da zai zauna kan akwati ko abin da za a ɗaure da sukuru za a gani. Ga kuma motar Z da aka ɗora wa aikin hawa da sauka mai yawa, in akwai ɗan sako-sako a notin sandar sai ya bayyana a shimfiɗar. Masu manhajar Klipper a maimakon Marlin an sauƙaƙa masu lissafin juyin noti, `SCREWS_TILT_CALCULATE` yana aunawa saman kowane noti ya gaya maka wajen da za ka juya da yawan juyin.

To wanne ya dace da kai

In gwajin tsakiya ya nuna bambancin bai kai kaurin takarda ɗaya ba, ko kuma kayanka ƙanana ne da ba sa wuce tsakiyar faranti, takarda ta ishe ka. Injin da ke zaune wuri ɗaya, sifirinsa a matse, yana iya yin makonni ba a taɓa shi ba, musamman in kana bari faranti ya huce kafin ka cire kaya maimakon fizga da ƙarfi. In ka canza sifirin ɗin zuwa masu tauri ko ka sa irin na roba silikon zai ƙara daɗewa.

Sensa yana biyan kuɗinsa in faranti ya lanƙwasa fiye da 0.1 kuma kana buga manyan kaya, ko kana cika faranti da ƙananan kaya da yawa a bugu ɗaya, ko farantinka babba ne mai 300 zuwa sama inda da wuya ka samu miƙaƙƙe. Haka in kana yawan sauya shimfiɗa, yau gilashi gobe ƙarfe mai maganaɗisu, sensa mai tsinke zai gane sabon tsayin da kansa tunda da shi ake nemo sifilin Z, sai dai ka sake mesh. A kan gilashi ka lura da kilif ɗin da ke riƙe shi kar tsinke ya sauka a kansu.

Akwai hanyoyi biyu na tsakiya ga wanda bai shirya jiran oda daga Legas ko waje ba. Ɗaya ka je wurin masu yankan gilashi a yanko maka madubi ko gilashi mai kaurin milimita 3 zuwa 4 daidai girman farantinka, a goge bakinsa kar ya yanke ka. Gilashi yawanci ya fi alminiyon miƙewa, yana haye kwarin ya rufe shi, sai dai dole ka ɗaga makunnin Z daidai kaurinsa kafin ka danna `Auto Home` in ba haka ba nozul zai daki gilashin, kuma kar ka zuba mashi ruwan sanyi yana da zafi. Ta biyu mesh na hannu, Marlin yana da shi da sunan `MESH_BED_LEVELING`, inji zai kai nozul wurare 9 ɗaya bayan ɗaya kai kuma kana gwada takarda kana gusa Z daga allo, a ƙarshe ya haɗa taswirar ya ajiye. Yana cin lokaci kuma sai manhajar injinka tana ɗauke da shi, amma ba ka sayi komai ba.

Saura maganar ko a sa `G29` a kowane bugu ko a ajiye mesh a riƙa kira da `M420 S1`. Wanda ke aiki da inbata ko janareta kowane minti na faranti mai zafi kuɗi ne, awon wurare 25 kuma yana ɗaukar mintuna, don haka ni na fi son a ajiye. Sharaɗin kawai ka auna shi a zafin da za ka yi bugu, na digiri 60 ba lallai ya yi daidai a 80 ba, kuma ka sake shi duk lokacin da ka taɓa noti ko ɗaya, ko ka canza shimfiɗa, ko aka ɗauki injin a mota ko keke napep. In ka murɗa noti ka bar tsohon mesh, inji zai ci gaba da gyara karkatar da babu ita, sai ka ga gefen da ka gyara yanzu shi ne nozul ke karta ko yake bari a sama.